Wutsiya ko Jagora: Gurbin da ke Cinye Makin Ɗalibai a Jarrabawar Turanci

Takardar tambayoyi na kan benci, saura minti goma a karɓe. Ɗaliba ta zo kan wata jimla da ta san ma'anar kowace kalma a cikinta, babu baƙuwa ko ɗaya: "The driver stopped ____ fuel at Kwanar Dangora because the tank was almost empty." A ƙasa an jera zaɓi huɗu, amma biyu ne suka tsaya mata a rai, "buying" da "to buy". Ta karanta jimlar da na farko, ta ji ta zauna daidai. Ta karanta da na biyu, shi ma bai yi tsami a kunne ba. Ta ciji bayan fensir, ta yi bismilla, ta duhunta na farko.

Ta faɗi. Abin haushin shi ne jimlar da ta gina ba karyayyen Turanci ba ne. Turanci ne lafiyayye, sai dai abin da yake cewa shi ne direba ya daina sayen mai saboda tankinsa ya kusa ƙarewa, zancen da ko yaron mota zai yi wa dariya.

Irin wannan tambaya ta cike gurbi tana yawan fitowa a ɓangaren nahawu na jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO da JAMB, haka kuma a littattafan atisaye na sakandare. Aikatau biyu ne ke haɗuwa a jimla ɗaya. Na farko yana nan a rubuce, na biyu kuma ana so ɗalibi ya zaɓa masa riga. Ko dai ya ɗaura masa wutsiyar "-ing", wato sigar da malamai ke kira jerand, ko ya sa masa "to" a gaba kamar ɗan jagora, wato infinitib. "Reading" ko "to read", "going" ko "to go". Da wutsiya, aikatau yana yin aiki irin na suna, kusan abin da masu nahawun Hausa ke kira suna ɗan aikatau: karatu, tafiya, sha, ci. Da jagora kuwa, ya fi kama da abin da Bahaushe ke yi idan ya ce in karanta, ka tafi, ta sha.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne zura wa gurbin ido, kamar amsar za ta tsiro daga cikinsa. Amsar tana hannun aikatau ɗin da ya gabaci gurbin. Shi ne mai gida, shi ke faɗin rigar da baƙo zai sa. Masu gidan kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ya karɓar kowa sai mai wutsiya, akwai wanda sai mai jagora, akwai kuma wanda ke karɓar duka biyun amma ya ba kowanne ɗaki dabam.

"Enjoy" yana cikin masu tsauri. Ana cewa "She enjoys reading", ba a cewa "She enjoys to read", ko a Landan ko a Legas, matuƙar Turancin jarrabawa ake magana. A nan Hausa tana bayan ɗalibi, don mu ma cewa muke yi tana jin daɗin karatu, da suna ɗan aikatau. To me ke kai yara ga "enjoy to"? Maƙwabtaka ce. Sun saba da "like to" da "love to", waɗanda daidai ne, sai su ɗauka tunda ma'anar ta yi kusa, dokar ma ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. "Like" da "love" suna karɓar sigogin biyu, "enjoy" kuwa ɗaya tak. 'Yan ɗakinsa su ne "finish" da "avoid" da "mind" da "suggest" da "deny" da "practise" da "keep". Duk inda ɗayansu ya tsaya kafin gurbi, wutsiya ce amsa.

"Want" shi ne kishiyarsa, kuma a nan ne Hausa ke iya jan ɗalibi cikin rami. Bahaushe yana da hanya biyu, duka masu kyau. Zai ce ina son zuwa Kano, zai kuma ce ina so in je Kano. Wanda ya ɗauki hanyar farko a zuciyarsa ya juya ta kai tsaye, "I want going to Kano" zai haifa, wanda kuskure ne. Bature hanya ɗaya ya bari: "I want to go to Kano." Saboda haka dabarar da ta fi amfani ita ce ɗalibi ya riƙa fassara "want" da ina so in, ba ina son ba. Haka "decide" da "hope" da "promise" da "refuse" da "agree" da "plan": ya yanke shawara ya tafi, ya yi alkawari zai zo, duk jagora suke nema.

Akwai wani reshe na wannan kuskure da masu duba takardu suka san shi sarai. Ina so ka zo, sai yaro ya rubuta "I want that you come". Daidai shi ne "I want you to come": a saka mutumin a tsakiya, jagora ya biyo baya. Idan mai tambaya ya rubuta "My father wants me ____ medicine", kalmar "me" da ta shiga tsakani ba ta canza komai ba, amsar "to study" ce.

Me ya sa waɗannan suka zaɓi wutsiya, waɗancan suka zaɓi jagora? Masanin harshe ɗan Amurka, Dwight Bolinger, ya yi wani bayani a shekarar 1968 wanda har yau littattafan koyar da Turanci ke dogara da shi. A taƙaice, sigar "to" tana karkata ga abin da bai faru ba tukuna, abin da ake hange ko buri, ita kuwa sigar "-ing" tana karkata ga abin da ya tabbata, wanda aka yi ko ake cikin yi. Idan aka auna, akwai ƙamshin gaskiya. Abin da mutum yake so, ko yake fata, ko ya yi alkawarinsa, yana gaba. Abin da yake jin daɗinsa, ko ya gama, ko yake musun ya aikata, ya riga ya shigo duniya.

Sai dai wannan sanda ce ta dogarawa, ba katanga ba ce, kuma malamin da ya sayar wa ɗalibai ita a matsayin doka marar togiya ya cuce su. "Avoid" yana magana kan abin da ba a yi ba, ba a ma son a yi, amma wutsiya yake ɗauka: "He avoided meeting her." "Suggest" da "consider" duk gaba suke kallo, su ma wutsiya. Ta ɗaya ɓangaren, "He managed to escape" na nufin ya riga ya tsere, an gama, amma ga jagora nan tsaye. Waɗannan ba a gano su da hankali, haddace su ake yi. Kuma haddar da ta fi zama ita ce ta guntuwar jimla, ba ta jerin kalmomi tsirara ba. Wanda ya riƙe "avoid making noise" a baki, kunnensa zai ƙi "avoid to make" tun kafin ya tuna wata doka.

Inda sandar Bolinger ta fi yin aiki, inda kuma masu tsara tambaya suka fi kafa tarkonsu, shi ne wajen "stop" da "remember". A nan babu zaɓin da ya karya nahawu. Ma'ana ce ke raba gardama, kuma a nan ne mai jin Hausa yake da wani makami da bai san yana da shi ba.

Bature kalma ɗaya ya ba ayyuka biyu, Bahaushe kuwa ya raba su tun asali: daina dabam, tsaya dabam. "He stopped smoking", ya daina shan taba. "He stopped to smoke", ya tsaya don ya sha taba. Mutumin farko likita zai yaba masa, na biyu kuwa yana gindin bishiya yana neman ashana. A jimlar farko, shan tabar shi ne abin da aka yanke. A ta biyu, abin da aka yanke wani abu ne da ba a ambata ba, tafiya ko aiki, ita kuma "to" ɗin tana ɗauke da ma'anar don. Hasali ma wannan "to" ba ta "stop" ba ce. Ita ce wadda ke cikin "He came to eat", ya zo don ya ci, mai bayyana dalili.

A koma ga direban Kwanar Dangora. Abin da ya kamata ɗalibar ta yi shi ne ta ƙarasa jimlar zuwa aya kafin ta taɓa zaɓi, sannan ta gwada kalmomin Hausa biyun a gurbin "stopped". Direba ya daina sayen mai saboda tanki ya kusa ƙarewa? Bai yi ma'ana ba. Direba ya tsaya don ya sayi mai saboda tanki ya kusa ƙarewa? Shi ke nan, "to buy". Aikin daƙiƙa goma ne.

Yanzu a canza wutsiyar jimlar kawai, a bar kanta yadda yake: "The driver stopped ____ fuel at that station because it damaged his engine." Ya tsaya don ya sayi mai a can saboda man ya lalata masa inji? Sai dai in mahaukaci ne. Ya daina sayen mai a can saboda ya lalata masa inji. Amsa ta koma "buying". Kalmomi ukun farko ba su motsa ba, zaɓin da aka bayar ba su canza ba, amma amsa ta juya, kuma abin da ya juya ta yana can bayan "because". Wannan ne ya sa ɗalibi mai gaggawa, wanda ke tsayawa da karatu da zarar ya ga layin gurbi, yake faɗuwa a tambayar da ya fi ƙarfinta.

"Remember" ya fi "stop" santsi, don a nan Hausa ma kalma ɗaya gare ta, tuna. Abin da ake dubawa shi ne wane ne ya riga wani, tunawar ko aikin. Idan aikin ne ya fara faruwa, daga baya hotonsa ya dawo a zuciya, wutsiya ce: "I remember locking the gate", na tuna lokacin da na kulle ƙofar. Idan tunawar ce ta fara zuwa, ita ta tura mutum ya yi aikin, jagora ne: "Remember to lock the gate", kar a manta a kulle ƙofar.

Hausa tana nuna wannan bambanci, amma ba a kan aikatau ba, a kan ɗan wakilin sunan da ke gabansa. Uwa za ta ce wa 'yarta da dare, ki tuna ki kulle ƙofa. Da safe, an tarar akuya a waje, sai ta ce, kin tuna kin kulle ƙofar kuwa? "Ki kulle" bai faru ba tukuna, shi ne "to lock". "Kin kulle" ya wuce, shi ne "locking". Abin lura a nan, gara ɗalibi ya yi gwajin da sigar mace ko ta kansa, wato in kulle da na kulle. Da sigar namiji, ka tuna ka kulle, rubutu ɗaya ne ga ma'anonin biyu, sai a baki ne ake jin bambanci, inda ɗaya "ka" ɗin doguwa ce mai hawan murya, ɗayar gajeriya mai saukar murya. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna wannan.

Tarkon da ya fi kama yara masu ƙoƙari shi ne wanda suka haƙa da hannunsu. Sukan taƙaita dokar su ce "-ing" na abin da ya wuce ne, "to" na abin da ke tafe, sai su riƙa farautar kalmomin lokaci a cikin jimla. Mai tambaya ya san da haka. Sai ya rubuta: "Did you remember ____ the gate last night?" Yaro ya ga "did", ya ga "last night", ya ce ai wannan jiya ne, ya zaɓi "locking". Amma tambayar ita ce, jiya da dare, shin tunani ya zo maka har ka je ka kulle? Tunawa ce ta riga kullewa, ko da yake dukansu jiya suka faru. Amsar da ake nema "to lock" ce. A juya kuma: "She will always remember ____ the Emir on her wedding day." Ga "will" nan yana nuna gaba, amma ganin sarki ne zai fara faruwa, tunawar ta biyo baya har tsufa. Amsa "seeing". Ba da agogon mai magana ake auna abin ba. Ayyukan biyu ake jerawa, a ga wanne ne a gaba.

Wani abin sha'awa shi ne wannan rabon aiki bai daɗe da kammaluwa a Turancin kansa ba. Wanda ya buɗe littattafan Ingila na ƙarni na 18 da na 19 zai riƙa cin karo da jimla irin "I remember to have seen him", a inda Baturen yau zai ce "I remember seeing him". Sigar wutsiya ta yi ta cin ƙasa a hankali cikin ƙarnuka har ta ƙwace wannan fili. Don haka ɗalibin da ya ga abin kamar ba shi da tsari, ba laifin kansa ba ne. Harshe ne da ya yi ta sauya kaya, kowane aikatau ya tsaya inda sauyin ya bar shi.

"Forget" da "regret" sawun "remember" suke bi. "I forgot to pay him", na manta ban biya shi ba, bashi na nan. "I will never forget meeting him", an haɗu, kuma ba za a manta ba. "We regret to inform you", wadda duk mai neman aiki ya san ɗacinta, baƙin cikin ne ya riga sanarwar, ga ta nan tafe a layi na gaba. "I regret telling him", an riga an faɗa, da-na-sani ya biyo baya. "Try" kuwa nasa salon dabam ne kaɗan. "Try to open the window" na nufin yi ƙoƙari ka buɗe, wataƙila tagar ta cije. "Try opening the window" na nufin gwada buɗewa mu gani ko zafin zai ragu. Buɗewar ba wuya, sakamakonta ake son gani. Nan ma Hausa ta raba: ƙoƙari da gwadawa.

Game da "begin" da "start" da "continue", ba sai an ɓata lokaci ba. Suna karɓar sigogin biyu ba tare da wani bambancin kirki ba, shi ya sa mai tambaya mai adalci ba zai jera duka biyun a zaɓi ɗaya ba.

Saura wani tarko da ya cancanci a tsaya a kansa, don yana bin ɗalibai har cikin wasiƙar neman aiki. Ba kowace "to" ce jagorar aikatau ba. Akwai wata "to" mai ma'anar zuwa ko ga, irin wadda ke cikin "go to school", kuma ita suna take so a bayanta. Idan aikatau ne zai biyo ta, dole ya sa wutsiya don ya yi kama da suna. Shi ya sa ake rufe wasiƙa da "I look forward to hearing from you", ba "to hear" ba. Yaron da aka koya masa cewa bayan "to" ba a sa "-ing" zai ga amsar daidai a gabansa ya tsallake ta da ƙarfin gwiwa.

Gwajin da ke tona asirinta mai sauƙi ne. A ɗauki suna na gaske a ajiye bayan "to" ɗin, a ji ko jimla ta tsaya. "I look forward to the holiday" ta tsaya daram, saboda haka wannan "to" mai son suna ce, aikatau zai zo da wutsiya. "I want to the holiday" kuwa ta rushe, saboda haka "to" ɗin "want" jagora ce ta gaske. Da wannan gwaji ake raba tagwayen nan masu rikita aji. "He used to trek to school", da can yakan taka da ƙafa zuwa makaranta, yanzu ya bari. "He is used to trekking to school", ya saba da takawa, ba ta damunsa. Ana iya cewa "He is used to the heat", ya saba da zafi, kuma wannan ne shaidar cewa suna take nema. Ɗan ƙaramin "is" ɗin da ke gaban "used" shi ne alamar, kuma shi ne ido ke tsallakewa idan mai sa ido a ɗakin jarrabawa ya fara cewa saura minti biyar. "Object to" da "with a view to" duk wannan ɗakin suke.

Shi kansa "want" mai tsaurin nan yana da ƙofar baya guda. A Turancin Ingila ana jin "This shirt wants washing", ma'ana rigar na bukatar wanki, kamar yadda ake cewa "needs washing". Ana gane ta da cewa mai jimlar ba shi ne zai yi aikin ba, a kansa za a yi. Riga ba ta wanke kanta. Idan mutum ne ke son yin wani abu da kansa, ƙofar a rufe take, sai "to".

A atisayen da ba a ba da zaɓi ba, inda ake ajiye aikatau tsirara a gefe a ce ɗalibi ya rubuta sigar da ta dace, akwai makin da ke zubewa bayan an riga an ci tambayar a ka. Yaro ya gane wutsiya ake so, sai ya rubuta "writting" da "t" biyu, ko "comming", ko "stoping" da "p" ɗaya. "Write" da "come" suna zubar da "e" ɗinsu ne kawai, su zama "writing" da "coming". "Stop" da "run" da "sit", masu gajeren wasali ɗaya da baƙi ɗaya a ƙarshe, su ne ke ninka baƙin: "stopping", "running", "sitting". "Lie" kuma ya koma "lying". Idan kuma ana son kore aikin, "not" tana zuwa ne a gaban sigar gaba ɗaya: "He promised not to tell", "She regrets not going". Mai duba takarda da jan biro ba ya ba da rabin maki don an gane doka an kuskure harafi.